An Rufe Ƙofa: Me Sakatare Zai Rubuta?

Ƴan uwa ɗalibai, kusan duk wata ƙungiya da ke ƙauyukanmu, in aka zo zaɓen sakatare, ɗan boko ake miƙa wa alƙalami. Kwamitin lekol ne, ko na bankin cimaka, ko ƙungiyar matasa, mu ne masu riƙe kundi. To, akwai ranar da shugaba zai ce baƙi su ɗan ba mu wuri, a rufe ƙofa, a yi wata magana da ba ta kowa ba ce. Bayan an tashi, sakatare ya rage shi da farar takarda. In ya rubuta abin da ya ji, ya ci amana. In ya tsallake wurin kamar ba a yi komai ba, ya yi wa jama'a ƙarya. Tambayar da nake so mu duba ke nan: yaya mutum zai riƙe amana da gaskiya a shafi ɗaya?

Zan ɗauki misalin majalisar kwamin, don a can ne abin ya fi fitowa fili. Tun zaɓen 2004 kwaminoninmu suka samu zaɓaɓɓun majalisu: Agye da Cadawa, Gazawa da Gangara, sai Gidan Rumji, Tsibiri, Cadakori, Gidan Sori da Saye Sabuwa. Dokar ƙananan hukumomi ta 2010 ta sa zama a bainar jama'a ya zama shi ne asali, rufe ƙofa kuwa togaciya ce da majalisa ke yankewa. An rushe waɗannan majalisu a watan Afrilu na 2024, aka naɗa masu riƙo, amma darasin bai rushe ba, don kullum ana zama, kuma kullum ana rubutawa.

Mu ɗauka wata majalisa ce a gundumar Gidan Rumji, kusa da iyaka. Kowa ya san abin da yankin ke fama da shi na satar shanu da satar mutane don kuɗin fansa, ya kuma san yadda dubban mutane suka tsallako daga Sakkwato da Zamfara da Katsina tun 2019. A ce ana cikin zama, sai wani kansila ya ce yana da magana, amma ba zai faɗa ba sai an rage mutane. Aka rufe ƙofa. Ya ce a wani ƙauye ana zargin mutum ɗaya da tsegunta wa ɓarayi wanda ya sayar da sa ranar kasuwa, ya kuma faɗi sunan wanda ya kawo masa labarin. A nan rayuka biyu ne a hannun sakatare. Wanda ya kawo labari, in sunansa ya fita, dare ɗaya ya ishe shi. Wanda ake zargi, wataƙila ƙazafi ne, amma in ƙauye ya ji, ba za a jira alƙali ba.

Hanya ta farko da ke jan hankalin mutum ita ce shiru gaba ɗaya. A rubuta batun rijiya, a rubuta batun harajin kasuwa, a sa hannu. Masu wannan ra'ayi suna cewa abin da ba a rubuta ba, ba mai karanta shi. Gaskiya ne, amma ni ina ganin sun haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba. Ɓoye abin da aka faɗa daban, ɓoye cewa an zauna daban. Na farko riƙon amana ne, don mai magana ya yarda da ku kafin ya buɗe baki. Na biyu yaudara ce, don takardar bayan taro tana ce wa mai karatu: ga duk abin da wakilanka suka yi a ranar. In an cire awa guda ba a bar alama ba, kowane layi na takardar gaskiya ne, amma jimillarta ƙarya ce.

Kuma wannan ƙaryar tana da farashi. Bayan wata uku, in aka sace wani a ƙauyen nan, jama'a za su tambaya ko majalisa ta taɓa jin wani abu. Ba abin da zai nuna ta ji, ba abin da zai nuna ta kai maganar gaba. Mafi muni, in aka saba da zaman da ba ya barin sawu, gobe za a rufe ƙofa don rabon filaye ko kwangilar aji, a ce sirri ne. Ƙofar da ba a rubuta rufe ta ba, ba mai iya tambayar dalilin rufe ta.

Hanya ta biyu ita ce ta sakataren da ke ganin ya yi wayo. Ba ya sa suna, amma yana rubuta: an tattauna zargin da ake wa wani mahauci a ƙauye kaza, bisa labarin da wani mai kabu-kabu ya kawo. A Yamai wannan na iya wucewa. A ƙauyen da ke da mahauta biyu da masu babur uku, ai ya gama faɗin suna. Sana'a, unguwa, ranar kasuwa, dangantaka da mai gari, duk sunaye ne a ƙaramin wuri. Ko sunan kansilan da ya nemi a rufe ƙofa yana iya tona asiri, don kowa ya san ƙauyukan da yake wakilta. Ma'aunin da nake ba da shawara shi ne wannan: kafin ka sa hannu, ka karanta layin da idon mutumin ƙauyen da ya fi kowa sanin gidaje. In shi zai iya cewa ai wane ne, to goge.

Tsakanin waɗannan biyun akwai abin da za a rubuta, kuma ba shi da tsawo. Ga yadda zai iya kasancewa a misalinmu:

Da ƙarfe 11 da minti 20, shugaban zama ya gabatar da buƙatar a ci gaba a zaman sirri kan wani batu da ya shafi tsaron jama'a, saboda kare lafiyar mutane. Cikin wakilai 17 da ke nan, 14 sun amince, 3 sun ƙi. Jama'a sun fita, wakilai da sakatare suka rage. An buɗe ƙofa da ƙarfe 12 da minti 10. Majalisa ta ɗora wa magajin gari ya isar da batun ga hukumomin da abin ya shafa, ya kawo bayani a zama na gaba. Cikakken bayani yana cikin kundin sirri, lamba 3.

Ku duba abin da ɗan ƙasa ya samu a nan. Ya san an rufe ƙofa, ya san tsawon lokacin, minti 50. Ya san irin batun da dalilin rufewa. Ya san an ƙidaya hannuwa, har mutum uku sun ƙi. Ya san su wa suka ji maganar, don haka in ta fita an san inda za a nema. Ya kuma san wanda aka ɗora wa aiki da ranar da za a tambaye shi. Abin da bai samu ba shi ne suna, ƙauye, da wa ya ce me. Duk abin da yake buƙata don ya bi diddigin wakilansa yana nan, duk abin da ɓarawo ke buƙata babu shi.

Kundin sirrin shi ma yana da ƙa'ida. Kwafi ɗaya ake yi, shafukansa da lamba don kar a yage ɗaya ba a gane ba, shugaba da sakatare su sa hannu, a kulle. Ba a kai shi shagon fotokofi, ba a ɗaukar hotonsa da salula. Sau da yawa ba daga bakin wakilai sirri ke fita ba, daga guntun takardar da sakatare ya fara rubutu a kai ne, ya manta da ita cikin aljihu. Wannan tsari ba mu muka ƙirƙiro shi ba. Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, inda Nijar ta zauna a 2020 da 2021, ƙa'idarsa ta ce duk zaman da aka yi a keɓe sai an fitar da sanarwa a ƙarshensa, kuma yana iya yanke cewa bayanin zaman kwafi ɗaya za a yi, Babban Sakatare ya ajiye.

Akwai iyaka guda da ba na jin ya kamata a sassauta: kuɗi. A ce majalisar nan ta ga ya dace a ware jika 200 don man motar sintiri. Dalilin na iya zama a rufe, amma adadin da layin kasafin da aka ɗebo shi dole su fito a buɗe, a kaɗa musu ƙuri'a bayan an buɗe ƙofa. Kuɗin harajin talaka ne, kuma sanin cewa an kashe jika 200 ba ya jefa ran kowa cikin haɗari. Duk sanda kuka ga adadi ya shige cikin kundin sirri, ku sani mutuncin da ake karewa ba na mai rauni ba ne.

Yanzu ga suka mai nauyi da na san za a yi mini. Wani zai ce: kai da ka rubuta tsaron jama'a, ai ka riga ka faɗakar da mai laifi cewa an yi maganarsa, zai fara lissafin wanda ya kai shi. Wannan ba wasa ba ne. Amsata ita ce, rufe ƙofa a gaban mutum talatin ba ya ɓoyuwa. Kafin la'asar tasha ta ji. Abin da ke hannun sakatare shi ne faɗin kalmar da zai zaɓa. In tsaro ya yi kusa da nuna wuri, ya rubuta batun da ya shafi lafiyar wasu mutane. Yana da ikon faɗaɗa kalma har ta daina nuna kowa. Abin da ba shi da ikon yi shi ne ya kira maganar da sunan da ba nata ba, ya ce an tattauna tsabtar kasuwa. Kalma mai faɗi tana ce wa mai karatu akwai abin da ban faɗa maka ba. Kalmar ƙarya tana ce masa babu komai.

Haka abin yake in kwamitin lekol a Gangara zai duba matsalar wata ɗaliba, ko bankin cimaka a Cadawa zai duba gidan da ya kasa biyan bashin hatsi saboda yunwa. Sunan ɗalibar da na magidancin nasu ne, ba na kundi ba. Amma cewa an zauna, da yawan tiyar da aka yafe, na dukan membobi ne.

Abu na ƙarshe, sirri yana da wa'adi. Dalilin da ya sa aka rufe magana yau yana iya gushewa in shari'a ta yanke ko haɗari ya wuce. Saboda haka ina ganin ya kyautu kowace shekara a ɗauko kundin, a duba abin da ya isa buɗewa da abin da zai ci gaba da zama a kulle, kamar sunan wanda ya kawo labari. Wannan dubawar ba ta yiwuwa sai in tun farko an rubuta a fili cewa akwai kundi mai lamba 3. Wanda aka ba alƙalami a cikinmu, ya fara da wannan layin.