Ya Halatta Likita Ya Sallami Majiyyacinsa?

A ƙasar Amirka, idan majiyyaci ya yi ta saɓa ranakun da aka sa masa, likita yana da iko ya rubuta masa wasiƙa cewa ya daina duba shi. Da jin wannan zuciyarmu takan ce rashin tausayi ne. Amma bari mu duba maganar a hankali.

A ce wani mai ciwon sukari ne, yana shan allurar insulin. An sa masa rana sau uku, bai zo ba, bai kuwa aiko da dalili ba, sai dai ya aiko a sabunta masa takardar magani. Likita ba shi da hanyar sanin ko allurar ta yi yawa ko ta kasa sai ya auna jini. In ya ci gaba da sa hannu a makance, yana iya cutar da mutumin. Ga kuma waɗansu marasa lafiya da aka hana wa waɗannan ranaku uku. Saboda haka muna gani sallamar tana halatta.

Amma akwai sallama, akwai yasarwa, shari'ar ƙasar kuwa tana hukunta likitan da ya yasar da majiyyaci. Don haka wasiƙar takan faɗi ranar da kulawa za ta ƙare, galibi bayan kwana 30, a aika da ita ta gidan waya inda mai karɓa zai sa hannu. Cikin kwanakin nan likita yana nan a kan alhakinsa: zai duba shi in ciwo ya tashi, ba zai kuwa yanke masa allura ba. Wasiƙar za ta nuna masa inda zai nemi wani likita, kamar wurin kamfanin inshorarsa, ta yi alkawarin aika da takardun jinyarsa in ya ba da izini a rubuce. Za ta kuma ce in abu ya yi tsanani ya kira 911 ko ya tafi sashen gaggawa na asibiti.

Inda muke jin nauyi shi ne kafin a ɗauki alƙalami. Me ya hana shi zuwa? Wani ba shi da abin hawa, wani in ya bar aiki yini guda an yanke masa lada, wani kuwa ciwon ne ya karya masa zuciya. Likitan da bai tambaya ba, bai kuma yi gargaɗi tukuna ba, ya yi gaggawa, ko da wasiƙarsa ta cika ka'ida. Haka kuma kwana 30 ɗin nan. A babban birni sun isa. A ƙauyen da likita ɗaya ne tak, ko ga mace mai tsohon ciki wadda da wuya wani ya karɓe ta, ba su isa ba, sai likita ya riƙe ta har ta haihu ko wani ya amsa da bakinsa cewa ya karɓa.