Nasihar Juma'a: Magada Suna Nesa, Dukiya Tana Gida

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. 

Yawancinmu a nan Agege muke nema, amma gida da gona suna Arewa, a hannun wani ƙane ko amini da ke karɓar haya. Wasu 'ya'yan kuma sun wuce mu nisa, suna Jidda ko Kumasi. Idan mai gida ya rasu, tambayar da ake yawan kawo mana ofishin masallaci ita ce: wanda ke kula da gidan zai ci gaba ne, har ya sayar ya aiko wa kowa rabonsa? Amsar ita ce a'a, sai magada sun ba shi sabon wakalci.

Wakalci halal ne, malamai suna kafa hujja da mutanen kogo a Suratul Kahfi, da suka aiki ɗayansu ya sayo masu abinci. Amma wakili hannun wanda ya wakilta shi ne. Ranar da mai dukiya ya cika, dukiya ta koma ta magada, wakalcin da ya bayar kuma ya faɗi tare da shi. Ko Alhaji ya shekara 20 yana cewa "duk abin da ka yi daidai ne", bayan rasuwarsa maganar ba ta da ƙarfi. Wakilin da ya san da rasuwar, ya sayar da gida da tsohuwar takarda, ya sayar da abin da ba a ba shi izini ba, kuma magada suna da ikon rushe cinikin.

Bari mu ɗauki misali. A ce wani ɗan kasuwa ya rasu a nan Legas, iyayensa sun riga shi. Ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza 2 da mata 3, da gida a Kano wanda ya kai naira miliyan 24 bayan an fitar da bashi da wasiyya. Matar tana da ɗaya bisa takwas, wato miliyan 3. Sauran miliyan 21 a kasa 7: kowane namiji miliyan 6, kowace mace miliyan 3. Babban ɗan yana Jidda, 'ya ɗaya tana aure a Kumasi, sauran suna nan tare da mu. Masu gidan nan yanzu mutum 6 ne, ba mutum ɗaya ba.

Matakin farko shi ne tabbatar da rasuwa, da ranarta. A shari'a shaidu biyu adalai sun wadatar, amma kotu da banki da ofishin ƙasa takarda suke nema. Idan a asibiti aka rasu, a karɓi takardar likita kafin a bar asibitin, a kai ta ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, su ne ke ba da satifiket ɗin mutuwa. Idan a gida ne, a je ofishin nasu na ƙaramar hukuma da wuri a tambayi abin da za a kawo. Sau da yawa akan nemi takardar rantsuwa daga kotu. Mu kan yi gaggawar jana'iza, kuma hakan sunna ce, sai dai kada gaggawar ta sa a manta da takarda. A duba sunan da aka rubuta ya zo daidai da wanda ke jikin takardar gida. Idan nan an sa Muhammadu, can an sa Mamman, za a sha zirga-zirga.

Me ya sa rana take da muhimmanci? Domin wanda yake raye lokacin rasuwar shi ke gado. A misalinmu, da matar za ta rasu mako ɗaya bayan mijin, miliyan 3 ɗinta na nan, ya zama na magadanta, har da iyayenta in suna raye. Da kuwa ta riga shi ko da sa'a ɗaya ce, ba ta da komai a gidan. Takabar wata 4 da kwana 10 ma daga ranar rasuwa ake ƙirga ta. Haka nan wanda ya yi tafiya aka daina jin ɗuriyarsa ba mamaci ba ne. Ba a raba dukiyarsa da "an ce", sai alƙali ya yi hukunci.

Mataki na biyu, sabon wakalci daga kowane magaji baligi. Babban wa ba ya sa hannu a madadin ƙannensa mata don kawai shi ne babba. Ikonsa ya tsaya kan miliyan 6 ɗinsa. Ta Kumasi ita za ta sa hannu da kanta, ba mijinta ba. Idan akwai ƙaramin yaro, wasiyyinsa ko wanda alƙali ya naɗa ne zai tsaya masa. Saƙon murya a waya yana kwantar da hankalin dangi, amma mai saye mai hankali ba zai biya miliyan 24 a kansa ba. Lauya a nan gida ya rubuta takardar wakalci, a aika wa na waje, ya sa hannu a gaban jami'in ofishin jakadancin Najeriya, akwai a Jidda akwai a Akara, ko a gaban lauya mai hatimin shaida da ake kira notari. Sai ya aiko da ainihin takardar, ba hotonta ba. Tunda magana ce ta ƙasa, lauyan ya biya harajin hatimi ya yi mata rajista a ofishin ƙasa na jihar da gidan yake.

Abin da aka rubuta a ciki shi ne zuciyar magana. Malamanmu sun raba wakalci biyu: na sakin hannu, da keɓantacce. Shawararmu ku ba da keɓantacce. A ambaci gidan da unguwarsa da lambar takardarsa. A faɗi aikin: tsaya wa magaji a kotun Musulunci wajen rabo ne, ko karɓar haya, ko sayarwa? In sayarwa ce, a sa mafi ƙarancin farashi, a sa asusun da rabon kowa zai shiga da sunansa, a sa ranar da wakalcin zai ƙare. Gidan da ke da satifiket ɗin mallaka kuma, dokar ƙasa ta 1978 ta ce sai da amincewar gwamna ake sauya masa mai shi. Kuɗin da ke banki hanyarsu daban ce: takardar wakalci ba ta fitar da su, banki kan nemi takardar kotu ta izinin kula da dukiyar mamaci.

Kai kuma wakili, amana ka ɗauka, kuma Suratun Nisa'i ta yi umarni da mayar da amana ga masu ita. Ba ka saya wa kanka gidan ba tare da izininsu a fili ba, ba ka karyar da shi ƙasa da kuɗinsa na kasuwa. Hayar da ta shigo bayan rasuwa ta magada ce bisa rabonsu: in dubu 800 ce a shekara, matar dubu 100, kowane namiji dubu 200, kowace 'ya dubu 100. In kana son ladan wahala, halal ne, a yanka shi tun farko a rubuta. Idan wani abu ya salwanta ba da sakacinka ba, babu ramuwa a kanka. In ka ƙetare abin da aka rubuta, za ka biya.

Magada, ga alamar da za ku gane tafiya ta karkace: wakili ya ƙi nuna rasit, ko ya ce sai an sa hannu yau mai saye zai gudu, ko ya aiko da shafin ƙarshe kaɗai a sa hannu. Kuna da ikon tsige shi, amma ku yi a rubuce, ku sanar da shi da 'yan haya da ofishin da aka yi rajista. Neman rubutu ba zargi ba ne, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya tsare mu daga cin haƙƙin marayu da mata, Ya sa mu cika da imani. Amin.

Sakataren Masallaci