Bashin da ba a ga mai shi ba

A cikin duban lambobi irin na Turawa, wanda ya bunƙasa a Amurka a ƙarni na 20 ana jingina shi ga Fitagoras, akwai lambobi huɗu da ake kira bashin karma: 13, 14, 16 da 19. Masu wannan hisabi suna cewa wanda ɗayansu ta faɗo masa ya taho duniya da laifin wata rayuwa da ya yi a baya. Mafi nauyi a sha'anin aure ita ce 16. An ce mai ita ya taɓa cin amanar ƙauna saboda girman kai, don haka sai zamansa da mutane ya riƙa rushewa har ya koyi tawali'u.

A ɗauki macen da aka haifa ran 5 ga Maris 1979. Bisa wata hanya, ana taƙaita kowane sashe shi kaɗai: rana 5, wata 3, shekara kuwa 1, 9, 7 da 9 sun ba da 26, su kuma 2 da 6 sun ba da 8. Jimilla 16, wadda ke komawa 7. Ga bashi ya tabbata. Amma in aka tara alƙaluman a jere, sai a samu 34, ita ma ta koma 7, ba tare da an bi ta kan 16 ba. Mace ɗaya, rana ɗaya: wani mai duba ya ɗora mata laifi, wani ya wanke ta. Balle a Nijar, inda dattawa da yawa ke riƙe da takardun da ba su faɗi komai ba sai cewa an haife su wajen shekara kaza.

Sai dai matsalar ta wuce lissafi. Kalmar karma a harshen Sanskirit tana nufin aiki, wato abin da mutum ya aikata. Nan kuwa an rataya ta a kan kalanda. Bashi na gaskiya yana da mai shi, yana da adadi, ana iya biyansa ko a yafe. Wannan ba a san wanda aka cuta ba, ba mai tuna laifin, ba kuma ranar da za a ce an gama biya.

Gaskiya ne nasihar kanta ba ta da aibi. Wane ma'auraci ne rage girman kai ba zai amfana ba? Amma daidai nan rauninta yake, domin maganar da ta dace da kowa ba lambar ce ta gano ta ba. Illar kuwa takan faɗa kan mai rauni. Idan mijin matar nan yana wulaƙanta ta, aka ce mata 16 ce ke karɓar haƙƙinta, to an sauke masa nauyin abin da ya yi jiya a gaban shaidu, an aza mata na abin da ba wanda ya gani.