Fatawa: Wasiƙar Neman Haƙƙi ga Kamfanin da Ya Ƙi Miƙa Gida

Tambaya

Allah ya gafarta Malam, na sayi fulat mai ɗaki uku a Abuja a wurin wani kamfanin gine-gine, tun ginin yana matakin harsashi. Na gama biyan naira miliyan 38 a Maris 2023. Yarjejeniya ta ce za a ba ni makulli ƙarshen Disamba 2023, da ɗaga ƙafa na wata uku. Yau ga mu a ƙarshen Yuni 2025, ko tagogi ba a sa ba, ni kuwa ina gidan haya ina biyan miliyan 2 da dubu 400 a shekara. Lauyana ya tsara wasiƙar gargaɗi, ya ba su kwana 21, ya kuma nemi kashi 21 cikin 100 na kuɗina a kowace shekara tun daga Janairu 2024. Ya halatta in aika? Abin da zan karɓa halas ne?

Amsa

Ka aika wasiƙar, ɗan'uwa, amma sai bayan an cire layin kashi 21 ɗin.

Cinikinku shi ne wanda malaman fiƙihu ke kira istisna'i, wato ka ba mai sana'a aikin abin da babu shi tukuna, da siffa sananniya da farashi sananne. Malaman Hanafiyya ne suka fi faɗaɗa shi, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta tabbatar cewa yana ɗaure ɓangarori biyu idan an bayyana siffa da wa'adi. Ka cika naka. Abin da ya rage a wuyan kamfani gida ne, kuma ayar farko ta Suratul Ma'ida ta wajabta cika ƙulle-ƙullen alkawari. Bukhari da Muslim sun ruwaito hadisin da ya kira jan ƙafar mai hali wajen biyan haƙƙi zalunci, Abu Dawud kuma ya ruwaito wanda ya halatta a kai ƙarar irin wannan mutum a hukunta shi. Don haka ko da mai kamfanin sahu ɗaya kuke sallah, wasiƙar ba rashin kara ba ce. Ta ma yi kama da i'izarin da alƙalan Malikiyya ke yi kafin yanke hukunci, inda ake ba mutum damar kawo hujjarsa ta ƙarshe.

Matsalar tana wurin lissafin lauya. Kashi 21 na miliyan 38 a wata 18 ya kusa miliyan 12. Wannan adadi an auna shi da yawan kuɗinka da tsawon lokacin da suka kwana a hannunsu, kamar ka ba su rance ne. Ƙari a kan kuɗi saboda lokaci kuwa riba ce, ko an kira ta ruwa ko an kira ta diyya. Ba na zargin lauyanka, haka aka saba rubuta irin wannan wasiƙa a kotunan zamani, har hannu kan rubuta layin ba tare da an tsaya tunani ba. Amma wasiƙar da sunanka za ta fita.

Abin da shari'a ta buɗe maka shi ne cutarwar da ta same ka a zahiri, wadda za ka iya ɗora takardarta a kan tebur. Da an ba ka makulli, da ka bar gidan haya. Hayarka dubu 200 ce a wata. Wata ukun ɗaga ƙafa ka yarda da su da hannunka, ba za ka lissafa su ba, sai ka fara daga Afrilu 2024. Zuwa ƙarshen Yuni 2025 wata 15 ke nan, naira miliyan 3, sannan dubu 200 duk watan da ya ƙaru. Na san tsakanin 12 da 3 akwai tazara, kuma zuciya za ta ji. Sai dai miliyan 3 ɗin fita suka yi daga aljihunka saboda saɓawarsu, ga rasit ɗin mai gidan haya yana shaida. Ɓacin rai da zaryar da ka yi ofishinsu ba sa cikin abin da majalisar ta yarda a biya.

Ba ka faɗa mini ko yarjejeniyar ta ƙunshi tarar jinkiri ba. Ka koma ka karanta. Idan an rubuta cewa kamfani zai biya kaza duk watan da ya makara, sharaɗin ingantacce ne. Majalisar ta halatta shi a kan mai gini a zamanta na Riyad a 2000, ta hana shi a kan mai saye da ya makara da biya, domin abin da ke kan mai gini aiki ne, na kan mai saye kuwa bashin kuɗi. Asalinsa tsoho ne: Bukhari ya kawo daga Ibn Sirin labarin wanda ya yi wa mai ba da hayar raƙuma alkawarin dirhami 100 idan bai tashi tafiya a ranar da ya sa ba, bai tashi ba, Alƙali Shuraihu ya sa ya biya. Idan babu sharaɗin, ka nemi kuɗin hayar a wasiƙa, amma ba zai zama naka ba sai sun yarda a sulhu ko alƙali ya yanke.

Sannan kada fushi ya sa ka rubuta cewa ka fasa ciniki. Da zarar an warware shi, haƙƙinka ya tashi daga gida ya koma bashin kuɗi, asalin bashi kuwa a biya shi da adadinsa. Miliyan 38 na Maris 2023, kafin a saki farashin naira a watan Yunin wannan shekara, ba zai saya maka irin fulat ɗin yau ba. Wasu kamfanoni wannan kalmar suke jira: su mayar maka da kuɗinka, su sayar da ɗakinka da sabon farashi. Ka nemi gidan. Idan ya gagara, ka nemi wani irinsa a sulhu, fasawa ta zama zaɓinka na ƙarshe.

Wasiƙar ta ambaci ranar yarjejeniya, lambar bulo da ta fulat, kowane biya da ranarsa, wa'adin da aka saɓa, da ranar da kake son makulli. Kwana 21 ba za su ƙare ginin da ba shi da tagogi ba, don haka ka ba su kwanakin don su amsa a rubuce da jadawalin aiki. A miƙa ta ofishinsu, a buga hatimin karɓa a kwafinka. Kada ka kira su ɓarayi ko 'yan damfara, ka faɗi abin da ya faru kawai, kuma kada ka yi barazanar da ba ka da niyyar cikawa. Ambaton kotu ko hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, babu laifi.

Ka kuma nemi su bayyana uzurinsu, domin tara takan faɗi idan jinkirin ya fito daga abin da ya fi ƙarfinsu, kamar kotu ta dakatar da aiki a filin ba da laifinsu ba. Tashin farashin siminti shi kaɗai ba ya cikin wannan ga wanda ya karɓi kuɗi cif tun farko. In sun ce sun karye, Suratul Baƙara ta yi umarni a saurara wa mai ƙunci, amma sai ƙuncin ya tabbata. Kafin ka yarda, ka zaga ka duba ko sun kafa allon tallar sabon rukunin gidaje a wata unguwa.

Wallahu a'alam.