Kuɗin Mai Shago da Ya Ranta wa Shagonsa

Tambaya: Ni ɗan kasuwar hatsi ne a Gwiwa. Ni da abokina mun haɗa jari, kowa naira miliyan 2, riba raba-daidai. Da kaka na sayar da shanuna biyu, na zuba naira 1,500,000 muka ƙara sayen gero. Ƙarshen shekara kaya da kuɗi sun kai 6,300,000. Akawunmu ya rubuto mini cewa kuɗin shanun rance ne, ba za a sa su cikin abin da shago ya samu ba. Malam, ba rage mana riba ya yi ba?

Amsa: Bismillahi. Alhaji, akawunka ya yi daidai, kuma haƙƙinka ya tsare. Riba ita ce abin da saye da sayarwa ya haifar bayan an ware uwar kuɗi da bashi. Kuɗin shanunka ba ciniki ya kawo su ba. Cire jarin miliyan 4 da rancen 1,500,000, ribarku 800,000 ce, kowa 400,000. Da an bi lissafinka, 2,300,000 za a raba, abokinka ya tafi da 750,000 na shanunka yana zaton halaliyarsa ce.

Inda nake so ka tsaya shi ne: ranar da ka zuba kuɗin, me kuka faɗa wa juna? In rance kuka ce, Shehu Halilu ya halatta abokin tarayya ya ranta wa ɗan'uwansa bayan ƙulla tarayya, matuƙar ba a sharɗanta shi tun farko ba. To za ka ɗauki 1,500,000 ɗinka cif, ba ƙarin ko kwabo, ba kuma kaso mai tsoka a riba don ka taimaka, domin wannan shi ne rancen da ya jawo amfani. Ka kuma sani rabin kuɗin kanka ka ranta wa, mutum kuwa ba ya bin kansa bashi. Ko da farashin gero ya faɗi, ko ƙwari sun ɓata buhuna, abin da ke wuyan abokinka 750,000 ne kawai.

In kuwa ƙarin jari kuka ce, a mazhabar Maliku riba da asara suna bin gwargwadon dukiya, daga ranar kana da kashi 7 cikin 11, kuma babu wanda ya lamunce maka kuɗinka.

Abin da ba zan sassauta a kai ba shi ne a zuba kuɗi a yi shiru, in kasuwa ta yi kyau a ce jari ne, in ta juya a ce rance ne. Wannan cin dukiyar ɗan'uwa ne, kuma ya yawaita tsakanin 'yan kasuwarmu. In ba ku faɗi komai ba a ranar, kada ka yanke kai kaɗai. Ku zauna da akawu da shaidu biyu ku daidaita kafin a raba riba, a rubuta adadi da ranar biya, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta umarta.

Allah ne Mafi sani.