Kuɗin Khul'in da Aka Karɓa da Ƙuntatawa

'Yan'uwa, wani ya gaji da matarsa, amma yana ƙyashin sadakin naira 200,000 da akwatunan lefe. Sai ya daina cefane, ya ƙaurace wa ɗakinta, har ta gaji ta nemi khul'i, ta mayar masa da komai. Shin wannan dukiyar halal ce?

Wallahi a'a. Tunda ya sadu da ita, sadaki nata ne cikakke, lefen ma haka. Aya ta 19 a Suratun Nisa'i ta hana ƙuntata wa mace don a ƙwace abin da aka ba ta. A Malikiyya, in ta kawo shaidun cutarwa, rabuwar ta tabbata, dukiyarta kuma ta dawo mata.

In ta rasa shaidu fa? Ka tsere wa alƙali ne kawai. Allah Ya kiyashe mu cin haƙƙi.