Kyautar Ban Kwana da Takardar Sunaye

A wata makarantar firamare da ke Kafin Hausa, inda na yi shekaru ina koyarwa, an yi wa wata abokiyar aikinmu canjin wurin aiki zuwa Dutse. Mu goma sha huɗu ne, har da masinja da Baba maigadi. Wata ya yi nisa, albashi ya daɗe da ƙarewa, ga kuɗin mota ya ninka tun da aka janye tallafin mai a 2023. Duk da haka ba wanda ya so Malama ta tafi hannu rabbana.

A taron farko aka yanke cewa turmin atamfa mai kyau za a saya, kowa ya kawo naira dubu biyu. Ni aka ba takardar sunaye, in riƙa sa alama a gaban wanda ya biya. Ban ga aibin wannan ba sai a rana ta uku, da na ji Baba maigadi a bayan aji yana roƙon masinja rance, wai kada a karanta sunaye a ga gurbinsa babu alama. Dattijo ne da ya haife ni, ga shi takardar da ke aljihuna tana neman jefa shi cikin bashi.

'Yan'uwa, kuskurenmu shi ne mun zaɓi kyautar tukuna, sa'an nan muka raba kuɗinta a kan mutane. Rabon ya yi kama da adalci, tun da kowa dubu biyu ne. Amma dubu biyun shugaban makaranta kuɗin katin waya ne, na Baba kuwa cefanen gidansa ne. A Markus 12 Ubangiji Yesu ya zauna yana duban masu zuba baiko a Haikali, ya kuwa ɗaukaka aninai biyu na gwauruwa bisa manyan kuɗin mawadata, domin ya auna abin da ya rage a hannun mai bayarwa. Mun saba jin wannan a matsayin yabon matalauci mai bayarwa. Ni a ranar tsawatawa na ji a ciki, gama gwauruwar da yardar ranta ta bayar, ba mai takarda a tsaye a kanta. Manzo Bulus ma, sa'ad da yake tara gudummawa daga Korintiyawa, ya nuna cewa gwargwadon abin da mutum yake da shi ake karɓa, ba a kuma son bayarwar dole.

Na koma wurin shugaba, muka yaga takardar, aka mayar wa waɗanda suka biya kuɗinsu. Muka ajiye gwangwani mai ƙaramar ɓula a ofis, muka ce a ranar Alhamis za a fasa, abin da aka samu shi zai faɗa mana abin da za mu saya. Ba zan ɓoye ba, wannan hanya tana da nata rauni: asirin da ya rufa wa marar hali, shi ne kuma ya rufa wa marowaci. Da muka fasa, naira dubu tara da ɗari biyar muka tarar, alhali lissafin farko dubu ashirin da takwas ne. Wani malami ya fusata, ya ce an kunyata mu, a dawo da takarda. Na fahimci fushinsa, har ni ma na kama kaina ina duban fuskoki ina zato. Sai dai rowar mutum biyu ko uku tsakaninsu da Allah ne, bashin Baba kuwa da a wuyanmu zai rataya.

Saura me za a saya. Wasu suka ce agogon bango a rubuta sunan makaranta, amma wannan mu zai tuna wa baƙinta, ita ba zai rage mata komai ba. Wasu suka ce a miƙa mata kuɗin a ambulan. Shawarar ba ta da laifi, sai dai kuɗi yana zuwa da lissafinsa, za ta ƙirga ta raba goma sha huɗu ko ba ta so ba. Wata malama ce ta tuna mana cewa ɗaki za ta kama haya a Dutse, kuma ita mai duba littattafan yara ce da dare. Muka sayi fitila mai cajin hasken rana, canjin da ya rage muka sayi kati, kowa ya rubuta layi ɗaya da hannunsa. Baba bai iya boko ba, da ajami ya rubuta nasa.

Ranar sallama, bayan an yi addu'a, sai ga shi da kwanon riɗi daga gonarsa, ƙulle a leda.

Malama ta ce, "Haba Baba, har da wahala haka?"

Ya ce, "'Yata, ba yawa. Ki yi wa yara kantu."

Har yau ban san ko ya saka wani abu a gwangwanin ba, ban kuwa taɓa tambaya ba.